Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Amsa Ga Mai Bitar Da Ya Fi Son Bayanin Dokoki A Muƙalar Tsarin Sauti

A ce ka aika wa mujalla muƙala a kan nauyin gaɓa a Hausa. Ka gina bayaninka a kan ra'in sharuɗɗa, wanda Prince da Smolensky suka shimfiɗa a 1993, aka fi saninsa da OT. Edita ya dawo maka da ita, ya ce a yi gyara mai yawa a sake turowa. Mai bita na biyu kuwa ya rubuta cewa duk abin da ka cika shafuka da jadawali a kansa, dokoki uku jere irin na Chomsky da Halle na 1968 sun isa su bayyana shi, kuma akwai kalma ɗaya, gyaffa, da bayaninka ba zai iya fitarwa ba.

Wannan ita ce matsalar da za mu bi daga farko har ƙarshe. Misalan jimlolin wasiƙar da Hausa na kawo su, amma ko da wane harshe mujallar take aiki, tsarin bai canza ba.

Mataki na farko: raba maganganunsa kashi uku

Kafin ka rubuta komai, kwafe kowace magana ta mai bitar daban, ka sa mata lamba. Za ka ga sun rabu uku. Akwai na son rai, kamar ya ce dokoki sun fi sauƙin karantawa. Akwai na rashin fahimta, inda ya ɗauka ka faɗi abin da ba ka faɗa ba. Sai kuma na hujja, inda ya kawo kalmar da bayaninka ya kasa. Na farko jimla biyu ta ishe shi. Na biyu, laifin rubutunka ne ko da kana ganin ka fayyace, domin idan masani ya ɓata a shafi na shida, ɗalibi ma zai ɓata a can. Gyara wurin, ka gaya masa ka gyara. Na uku shi ne zai ci mafi yawan wasiƙar, kuma shi edita zai duba ya yanke hukunci.

Mataki na biyu: rubuta bayanin nasa da hannunka, ka ƙarfafa shi

Masu bita ba safai suke rubuta dokokin da suke nufi ba, sukan ce kawai “doka za ta iya”. Kai ka rubuta su, kuma ka rubuta mafi ƙarfinsu. Ga bayanan da ake gardama a kansu. Zan ninka wasali don nuna tsawo, tunda rubutun yau da kullum ba ya nunawa.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da gajeren wasali da baƙi. Idan ɗafi ya zo zai rufe gaɓar da ke da dogon wasali, wasalin yakan gajarce: gidaa ya koma gidan a “gidan Audu”. Idan tagwan wasali ne, kashi na biyu yakan faɗi: kai ya ba da kansa, rai ya ba da ransa, mai ya ba da man gyaɗa. Idan kuma dogon wasalin ee ne ko oo, bayan ya gajarce yakan karkata zuwa a: reeshee ya ba da rassaa, geefee ya ba da gyaffaa.

Mai bitar zai rubuta abin kamar haka:

```
1. k, g, ƙ → kʲ, gʲ, ƙʲ / _ e, i
2. V → Ø / V _ C]σ
3. e, o → a / _ C]σ
```

Dubi doka ta biyu da kyau, domin a nan marubuta da yawa suke faɗawa rami. Sukan rubuta a wasiƙa cewa mai bin dokoki yana buƙatar doka ɗaya ta gajarta wasali, wata daban ta sare tagwan wasali, alhali sharaɗi ɗaya ya haɗe su. Wannan hujja ba ta tsayuwa. Idan aka ɗauki dogon wasali da tagwan wasali duk a matsayin gurbi biyu a cibiyar gaɓa, kamar yadda Newman da Salim suka kare game da tagwan wasalin Hausa a 1981, doka ɗaya tak ta share gurbi na biyu ta gama da gidan da kansa a lokaci guda. Mai bitar ya san haka. Idan ka kafa amsarka a kan raunin da ba shi da shi, ka ba shi amsar zagaye na biyu kyauta.

Mataki na uku: nemo inda bayanan biyu suka rabu da gaske

Hujjar da ra'in sharuɗɗa ya fi dogara da ita ta girme shi. Kisseberth ne ya nuna a 1970, daga harshen Yawelmani na Kalifoniya, cewa dokoki masu siffa daban-daban sukan haɗa baki su kauce wa siffa guda a furuci, kuma rubutun dokokin ba ya nuna wannan haɗin bakin. Domin hujjar ta yi maka aiki, dole ka nuna gyare-gyaren da ba za su dunƙule a doka ɗaya ba.

A Hausa kana da abu biyu. Na ɗaya, kalmomin asali na yau da kullum ba su da gaɓa mai dogon wasali da baƙi a ƙarshe tun a saiwarsu, ba sai an yi ɗafi ba. Mai bin dokoki zai faɗi wannan sau biyu: sau ɗaya a matsayin ƙa'idar ginin saiwa, sau ɗaya a matsayin doka ta biyu. Kai sau ɗaya za ka faɗa. Na biyu, kalmomin aro. Kalmar Ingilishi paint da ta ba mu fenti tana da tagwan wasali da baƙi biyu a ƙarshe, duk a gaɓa ɗaya. Bahaushe ya gajarta wasalin, ya kuma ƙara wasali a ƙarshe, ta koma gaɓa biyu masu bin ƙa'ida. Kalmar pound da ta ba mu fam, kuɗin da aka daina amfani da shi a Nijeriya a 1973, ita ma tagwan wasali ce da baƙi biyu, amma a nan baƙin ƙarshe aka zubar. Gajartawa, ƙarin wasali, zubar da baƙi: ayyuka uku da ba su yi kama ba, sakamakonsu ɗaya, wato kada gaɓa ta wuce mora biyu, mora kuwa ita ce ma'aunin nauyin gaɓa.

```
*μμμ >> MAX-μ, DEP-V, MAX-C
```

Akwai zato ɗaya da wannan jerin ya tsaya a kansa, kuma wajibi ne ka bayyana shi a fili: cewa baƙin ƙarshen gaɓa yana da nauyi a Hausa. Hujjarka a hannu take. Karin sauti mai faɗuwa ba ya hawa sai gaɓa mai nauyi, kuma yana hawa rufaffiyar gaɓa kamar yadda yake hawa mai dogon wasali. Faɗuwar da ke kan kalmar kai tana nan a gaɓar farko ta kansa. Haka kuma a arulin rubutacciyar waƙa, rufaffiyar gaɓa da mai dogon wasali awo ɗaya ake yi musu.

Kada ka wuce gona da iri a nan. Jerin da ke sama bai faɗi dalilin da ya sa fenti ta ƙara wasali, fam kuma ta zubar da baƙi ba. Faɗi haka da kanka a wasiƙar, a jimla ɗaya, ka ce iƙirarinka a kan abin da ake gudu yake, ba a kan zaɓen gyara ga kowace kalmar aro ba.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa:

“Mun yarda da mai bita cewa doka ɗaya ta isa ta fitar da gidan da kansa, kuma mun cire jimlar da ke shafi na 9 wadda ta nuna akasin haka. Abin da dokar ba ta haɗa ba shi ne rashin irin wannan gaɓa a saiwar kalmomin asali da kuma yadda aka sarrafa fenti da fam. Mun ƙara sashe na 3.2 inda muka jera bayanan biyu gefe da gefe a kan waɗannan misalai.”

Mataki na huɗu: gyaffa

Nan ne wurin da wasiƙar za ta tsaya ko ta faɗi, don haka za mu daɗe a kansa.

Abin da mai bitar yake nufi shi ne wannan. A geefee, g tana ganɗancewa saboda wasalin gaba da ke biye da ita. A gyaffaa, wasalin gaban ya tafi, wasalin a ne a wurin, amma ganɗantawar tana nan. Dalilin ya ɓace, sakamakon ya zauna. Wannan shi ne dishewar doka da Kiparsky ya yi bayani a farkon shekarun 1970, kuma ga mai jera dokoki ba wata wahala ba ce:

```
/geef-faa/
gʲeeffaa   (1)
gʲeffaa    (2)
gʲaffaa    (3)
```

Da doka ta biyu da ta uku sun riga ta farko, da gaffaa aka samu. Jeri kawai ya warware matsalar. A bayaninka kuwa, inda ake auna siffar furuci kaɗai a zama ɗaya, gaffaa ce za ta ci. Ba ta da gaɓa mai mora uku, ba ta da gajeren e a rufaffiyar gaɓa, ba ta da bahanɗe tsura kafin wasalin gaba, kuma ba ta taɓa g ba. Gyaffaa ta yi duk wannan, sannan ta canza g ba tare da wani dalili da ake gani ba. Mai bitar ya yi gaskiya, kuma jimlar farko ta amsarka ita ce ka faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Bayan amincewar, hanyoyi uku ne a gabanka.

Hanya ta farko ita ce wadda hannu yake fara kaiwa gare ta: ka ce siffar gabanci ta wasalin ee ba ta yarda ta ɓace ba, sai ta koma kan baƙin da zai iya ɗaukarta. Hausa tana da gy kafin a a kalmomi irin su gyara da gyaɗa, amma ba ta da r mai ganɗantawa, shi ya sa aka sami gyaffaa amma rassaa.

```
*μμμ, *ĕC]σ, *rʲ >> MAX[gaba] >> *gʲ
```

A jadawali abin yana da kyan gani. Amma kafin ka aika, ɗauki sabon sharaɗin ka bi da shi ta kan kowane misali da ke cikin muƙalarka, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ka ɗauka an gama da su. Za ka ci karo da kansa. A kalmar kai ma an zubar da wasalin gaba, i, kuma k tana iya ganɗancewa kamar yadda take a kyau. To jerinka yanzu yana hasashen kyansa a ma'anar kan mutum, abin da ba a faɗa. Sannan a rassaa, idan r ba ta iya ɗaukar siffar, me ya hana ta sauka a kan s, wadda take komawa sh cikin sauƙi? Jerinka ya fi son rashshaa. Dokokin mai bitar ba su da ko ɗaya daga waɗannan matsaloli, domin doka ta farko ba ta kallon komai sai baƙin da ke manne da wasalin gaba ta bayansa.

Ana iya toshe ramukan biyu da ƙarin sharaɗi mai cewa siffar ba ta sauka sai a kan baƙin da ke daf da wasalin, kafinsa. Zai yi aiki. Sai dai ka sani ka sake rubuta muhallin doka ta farko ne da wasu haruffa, kuma mai bita mai kaifin ido zai faɗa maka haka. Idan wannan hanyar ka zaɓa, ka ambaci kuɗin da ta ci a wasiƙar.

Hanya ta biyu ita na fi so a wannan matsala. Kafin e da i, Hausa ba ta bambanta g da gy. Duk bahanɗe marar leɓantawa a wurin ganɗantacce ne a furuci, rubutu ne kawai ba ya nunawa. Saboda haka babu abin da ya tilasta a ce ƙirar ɓoye ta gefe da g tsura ta fara. Yaron da ke koyon harshe gʲ yake ji a tilo, gʲ yake ji a jam'i, ba shi da dalilin adana wani abu daban. Idan saiwar tana da gʲ tun asali, gyaffaa riƙon amana ne kawai, babu abin da ya dishe. Kansa ta fita lafiya domin k ɗinta tsura ce tun farko, rassaa ma haka. Kana kuma da makamancin wannan ta fuskar leɓantawa: ango da angwaye, dogo da dogwaye, inda gw da ba a rubutawa kafin o take bayyana sarai kafin dogon a na jam'i.

Ita ma tana da kuɗinta. Ra'in da kake bi ya ce nahawu ya kamata ya fitar da sahihiyar siffa daga kowace irin ƙirar ɓoye, don haka saiwa mai g tsura kafin ee, wadda za ta ba da ga a jam'i, ba ta haramta a bayaninka ba. Abin da ke hana ta shi ne yadda ake koyon kalma, ba jerin sharuɗɗa ba. Dokokin mai bitar kuwa sun hana ta kai tsaye. Wannan bambancin hasashe ne na gaske, ana kuma iya gwada shi: a nemi kalma mai bahanɗe kafin ee wadda ta rasa ganɗantawa bayan wasalin ya gajarce. Rubuta wannan a muƙalar a matsayin gwajin da zai raba gardama. Editoci suna girmama marubucin da ya nuna inda za a iya kayar da shi.

Hanya ta uku ita ce ka karɓi matakai, ka ce ana auna sharuɗɗa a matakin saiwa sannan a sake aunawa a matakin kalma, kamar yadda Kiparsky ya ba da shawara a 2000. Tana warware gyaffaa, amma ta shigo da jeri, wanda shi ne abin da mai bitar yake kira tun farko. Idan gabatarwar muƙalarka ta yi alfaharin cewa ba a buƙatar jeri ko kaɗan, to sai an sake rubuta gabatarwar. Ba laifi ba ne, amma sabuwar muƙala ce a ƙarƙashin tsohon take, kuma ya kamata edita ya ji haka daga bakinka. Dabaru masu nauyi da aka ƙirƙiro musamman don dishewa, irin wadda McCarthy ya kawo a 1999, ban ga dalilin ɗauko su saboda rukunin jam'i ɗaya ba.

Ga amsar a kan hanya ta biyu:

“Mai bita ya yi daidai: jerin sharuɗɗan da ke rubutun farko yana fitar da gaffaa, ba gyaffaa ba, kuma jeren dokokinsa yana fitar da sahihiyar siffa. Muna godiya da wannan misali. A sabon sashe na 4.1 mun ɗauki cewa saiwar tana da gʲ a ƙirar ɓoye, bisa hujjar cewa g da gy ba sa bambanta kafin wasulan gaba, tare da misalan ango da angwaye. Mun gwada bayanin kiyaye siffar wasali, muka bar shi, domin yana hasashen kyansa a maimakon kansa. Mun nuna haka a jadawali na 14. Mun kuma bayyana cewa bayaninmu bai haramta saiwa mai g tsura a wannan muhalli ba, alhali na mai bita ya haramta.”

Ka lura ba a ce mai bitar ya kasa fahimta ba, ba a kuma ce ra'insa ya tsufa ba. Cewa “yawancin masana sun bar dokoki” ba hujja ba ce a kan gyaffa, kuma akwai masana da har yau a kan dokoki suke aiki. Mai yiwuwa editan ma yana cikinsu.

Mataki na biyar: tabbatar da bayananka kafin a tambaye ka

Karkatar e da o zuwa a ba ta zama daidai a bakin kowa ba. Jam'in zobe, wani zobba yake cewa, wani zabba. A karen Audu ma wasalin gaɓa ta biyu yana bambanta daga mai magana zuwa mai magana. Idan muƙalar ta nuna abin kamar doka ce marar togiya, gyara. Faɗi karin harshen da kake bayani a kai, ko Kananci ne ko Sakkwatanci, da inda ka samo kowane misali: daga ƙamus, daga nahawun Newman na 2000, ko daga masu magana da ka ɗauki muryarsu. Kasancewarka Bahaushe ba ya maye gurbin wannan, kuma a mujallar da ke ɓoye sunan marubuci, faɗin haka yana iya tona ko kai wane ne. Ka kuma duba kalmomin amsa-kama daban, domin sukan saɓa wa ƙa'idojin da sauran kalmomi suke bi. Ka faɗa a fili ko iƙirarinka ya haɗa da su.

Mataki na shida: haɗa wasiƙar

Edita kake rubuta wa, ko da yake mai bitar zai karanta. Fara da “Mai girma Edita”, godiya ta jimla ɗaya, sannan sakin layi guda da ke faɗin manyan canje-canje: an cire hujjar haɗa gidan da kansa, an ƙara kwatanta bayanan biyu, an ƙara sashe a kan gyaffa, an taƙaita iƙirarin gabatarwa. Editan da ke da muƙalu da yawa a gabansa wataƙila wannan sakin layin kaɗai zai karanta da natsuwa.

Daga nan sai ka bi maganganun masu bita da lambobinsu, kowane mai bita da sashensa. A ƙarƙashin kowace lamba, kawo maganarsa yadda ya rubuta ta, sai amsarka, sai wurin da aka gyara da lambar shafi ta sabon rubutu. Kada ka tsallake ko ɗaya, har ta waƙafi. Idan gyaran gajere ne, kwafo sabuwar jimlar cikin wasiƙar. Duk hujjar da ta cancanci shiga wasiƙa ta cancanci shiga muƙala, domin mai karatu na gobe ba zai ga wasiƙar ba, kuma tambayar gyaffa za ta zo masa shi ma.

Inda ka ƙi bin shawara, faɗi haka sau ɗaya da dalili. Idan ya nemi a sake rubuta muƙalar gaba ɗaya da dokoki, amsar ita ce:

“Ba mu sake gina muƙalar a kan dokoki ba, domin tambayar da take amsawa ita ce me ya haɗa gajarta wasali da siffar saiwa da sarrafa kalmomin aro. Mun dai kawo bayanin dokoki cikakke a sashe na 3.2, tare da wurin da ya fi namu, domin mai karatu ya auna da kansa.”

Wani lokaci masu bita biyu sukan ja ka gefe biyu: na farko ya ce a ƙara jadawali, na biyu ya ce a rage. Kada ka yi ƙoƙarin gamsar da kowa a ɓoye. Nuna wa edita saɓanin a sakin layin farko, ka faɗi wanda ka bi da dalilinka, ka maimaita a ƙarƙashin lambar kowannensu.

Kafin ka tura, sake lissafa kowane jadawali da hannu bisa sabon jerin, ka tabbata gidan, kansa, rassaa, gyaffaa da fenti duk sun fito, kuma lambobin shafi da na jadawali da ke wasiƙar sun dace da fayil ɗin da za ka ɗora. Tura kwafi biyu idan mujallar ta nema, mai alamar gyara da marar alama, ka goge sunanka daga bayanan fayil ɗin. Idan a zagaye na biyu mai bitar ya dawo da sabuwar kalma, ka bi da ita ta mataki na huɗu kamar gyaffa. Idan kuwa maganar son rai ya maimaita ba tare da sabon misali ba, rubuta wa edita gajeren saƙo, ka nuna lambar da aka riga aka amsa ta, ka roƙe shi ya yanke hukunci.